"Haka Muka Gada" Ba Ta Isa Hujja A Kotu Ba

In rikicin aron gona ko jinginarta ya tashi a ƙasar Shira, ya gagari dagaci, ya kai gaban alƙali a Yana ko Azare, ba a rasa mai cewa haka muka gada kaka da kakanni. Maganarsa tana da gurbi, domin al'ada tana cikin tushen dokokin Nijeriya. Sai dai kotu ba ta karɓarta da ka. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa mai da'awar al'ada nauyin tabbatar da ita, ya kawo dattawa ko masu sarauta da suka san ta, su shaida cewa mutanen wurin suna ɗaukarta tilas a kansu. Ana ɗauke masa wannan nauyi ne idan wata babbar kotu ta taɓa yanke hukunci a kanta.

Ko ta tabbata, da sauran rina a kaba. Alƙali zai duba ko ta ci karo da rubutacciyar doka, musamman tsarin mulki, ko ta saɓa wa maslahar jama'a, ko kuwa ta saɓa wa adalci da sanin ya kamata.

Wannan na ƙarshe ya fi wuyar aunawa, kuma shari'ar Mariyama da Sadiku Ejo ta 1961 ta nuna yadda ake yi. A al'adar Igbira, ɗan da aka haifa cikin wata 10 bayan mutuwar aure na tsohon miji ne. Mariyama ta haihu cikin wannan wa'adi, tsohon mijinta Sadiku Ejo ya ce 'yarsa ce. Amma shaida ta nuna rabonsu da kwanciyar aure kusan wata 15 kafin haihuwar. Babbar Kotun Jihar Arewa ta ƙi ba shi yarinyar. Abin lura shi ne, kotun ba ta ce al'adar banza ce ba, don an kafa ta ne saboda tsare nasaba. Abin da ta ƙi shi ne a yi aiki da ita inda za ta raba yarinya da iyayen da suka haife ta. A ganina nan ne hikimar take: an auna al'adar da abin da za ta haifar wa wannan yarinya.

Karo da tsarin mulki kuwa ba ya son dogon bincike. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon mahaifinta, saboda sashe na 42 ya haramta wariya.

Kada mai karatu ya haɗa al'ada da shari'ar Musulunci. Turawan mulki sun cusa ta cikin dokokin gargajiya, amma a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, Kotun Ƙoli ta ce ita ba al'adar wata ƙabila ba ce. Saboda haka wanda ya hana ƙannensa mata rabonsu na gonar gado da sunan al'adar gidansu, ya sani cewa alƙalin kotun shari'a a Jihar Bauci da ƙa'idar rabon gado ta Musulunci zai yi masa hukunci.