Ko Kun Sani? Fassarar Bidiyo Tana Iya Ɓacewa a Hanya

Bidiyon kokawa da aka ɗauka a Tawa, aka ɗora a YouTube da fassarar Faransanci a ƙasan allo, yana iya isa Keita ko Abalak ta WhatsApp ba ko harafi ɗaya a jikinsa. Dalili kuwa, fassarar ba ta cikin hoton. Tana zaune a wani ɗan fayil dabam, galibi .srt, mai ɗauke da kalmomi da lokacin fitowar kowane layi. YouTube yana karɓar .srt da .vtt, kuma mai kallo yana iya kashe rubutun ko ya sauya harshe. Facebook ma yana karɓar .srt, sai dai yana da tsirfa wajen suna, yana son irin kokawa.fr_FR.srt. WhatsApp kuwa ba shi da wurin haɗa fayilin da bidiyo.

Saboda haka mai raba bidiyo daga waya zuwa waya gara ya manna rubutun cikin hoton tun wajen tacewa. Illar hakan ita ce harshe guda ake samu, kuma kuskuren harafi ɗaya sai an sake fitar da bidiyon dungurungum.