Idan Waya ko Kwamfuta Ta Bar Hannunka: Inda Kullen Bayanai Ke Tsare Ka da Inda Ba Ya Isa

Duk wanda aka taɓa yi wa ƙwacen waya ya san cewa baƙin cikin kashi biyu ne. Na farko asarar kuɗin wayar, na biyu kuma fargabar abin da ke cikinta: hotunan iyali, hirar WhatsApp, takardun aiki, da manhajar banki. Masu ƙera na'urori sun yi tanadi domin wannan fargaba ta biyu, wato tsarin da ke rikita duk abin da aka ajiye a ma'ajiyar waya ko kwamfuta ya koma ruɗaɗɗun lambobi, waɗanda ba sa karantuwa sai da makullin sirri. Tanadi ne mai ƙarfi ƙwarai, amma aikinsa yana da iyaka, kuma mafi yawan waɗanda ake cuta a wajen wannan iyaka ake cutarsu.

Mu fara da kwamfuta, domin a nan bambancin ya fi fitowa fili. Mutane da yawa suna zaton kalmar sirrin da suke shigarwa idan sun kunna laftof ita ce ke tsare takardunsu. A kwamfutar da ba a kulle bayananta ba, wannan kalma allon shiga kawai take tarewa. Wanda ya sace ta ba ya ma buƙatar saninta. Zai kwance murfin baya, ya cire had-dis, ya jona shi da wata kwamfutar, sai duk fayiloli su bayyana a gabansa. Idan bai so wahalar kwance noti ba, zai iya tayar da kwamfutar da wani tsarin aiki daga filashi, ya kwashe abin da ya ga dama.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2006 an shiga gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka, aka sace laftof da had-dis ɗin da ke tare da ita. A ciki akwai bayanan mutum kimanin miliyan 26 da rabi, sunaye da ranakun haihuwa da lambobin shaida, kuma ba a kulle su ba. Sata ce irin ta yau da kullum, amma ta zama tashin hankalin ƙasa guda.

Idan kuwa an kulle ma'ajiyar gaba ɗaya, labarin ya sauya. Duk abin da kwamfuta za ta rubuta a had-dis sai ta rikita shi tukuna da wani lissafi da ake kira AES, ta amfani da makulli mai tsawon da babu na'urar da za ta iya cankarsa ta hanyar gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawo ya cire had-dis ya kai wata kwamfutar, abin da zai gani tarkace ne marar kai da gindi. A Windows sunan wannan tsari BitLocker, a kwamfutocin Apple FileVault, a Linux kuma an fi amfani da LUKS. A ɓangaren waya, tun daga iOS 8 a 2014 Apple ya ɗaure yawancin bayanan iPhone da lambar sirrin mai ita, kuma wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle suke zuwa daga kamfani.

To ina makullin yake? Ba lambar nan shida da kake dannawa ba ce makullin. Ainihin makullin na'urar ce ke ƙirƙirarsa, sannan ta naɗe shi da abu biyu: lambar sirrinka, da wani sirri da ke binne a cikin ƙwaƙwalwar wayar wanda ba ya ciruwa. Saboda haka ba za a iya kwafe ma'ajiyar a kai wata babbar kwamfuta a yi ta gwada lambobi ba, dole a kan wayar kanta za a gwada, ita kuma tana ja wa mai gwaji birki. Bayan kuskure kaɗan sai ta sa a jira, jiran kuma ya riƙa tsawo. A iPhone har akwai zaɓin da ke goge komai bayan kuskure 10.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana a 2016, lokacin da hukumar FBI ta kasa buɗe iPhone 5c ta ɗaya daga cikin maharan San Bernardino, har ta kai Apple kotu tana neman a tilasta masa ya rubuta manhajar da za ta cire birkin. Apple ya ƙi. Daga baya hukumar ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata. Darasi biyu ne a nan: ɓarawon kan titi ba shi da wannan ƙarfi, amma gajeriyar lamba ba ta gagari mai kuɗi da kayan aiki ba. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal, lamba shida miliyan ɗaya. Wanda kuma ya sa 1234 ko shekarar haihuwarsa, ya rage wa kowa aiki.

Yanzu mu zo ga iyakar. Tsarin nan kamar akwatin ƙarfe ne na ajiyar kuɗi a shago: yana amfani ne muddin yana rufe, da zarar mai shi ya buɗe, duk wanda hannunsa ya kai zai ɗiba. Da ka shigar da lambarka, na'urar ta kwance makullin ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta, tana warware duk fayil ɗin da aka nema nan take, ba tare da ta tambayi wane ne ke riƙe da ita ba.

Jami'an tsaron Amurka sun san haka lokacin da za su kama Ross Ulbricht, mai haramtacciyar kasuwar Silk Road, a watan Oktoba na 2013. Sun san kwamfutarsa a kulle take, kuma idan ya rufe ta aikinsu ya lalace. Sai suka jira ya zauna a wani laburare a San Francisco ya buɗe ta yana aiki, jami'ai biyu suka yi kamar suna faɗa a bayansa, yana waiwayawa wani ya janye kwamfutar a buɗe. Ba wanda ya fasa lissafin, tsallake shi aka yi.

Mu ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. A ce wata 'yar kasuwa tana cikin adaidaita sahu da yamma aka fizge mata waya. Abin da zai biyo baya ya danganta da halin da wayar take ciki a wannan daƙiƙar. Idan a kashe take, ko an sake kunna ta ba a shigar da lamba ba tukuna, wannan ne yanayi mafi tsaro, domin makullin bai kwance ba sam. Shi ya sa bayan an kunna waya ba ta karɓar yatsa ko fuska sai an fara danna lamba. Idan a kunne take amma allon a kulle, ɓarawon yau da kullum ba zai shiga ba, iyakarsa ya goge ta ko ya sayar da kayan cikinta, kodayake zai iya karanta saƙon da ke fitowa a saman allo idan ba a ɓoye shi ba. Idan kuwa tana cikin dannawa aka fizge, ko an leƙi lambar tana shigarwa, ko an tsare ta da makami aka ce ta buɗe, to kullen bayanai bai tsinana mata komai ba.

Akwai kuma abin da ko a yanayi mafi tsaro yake waje da kullen, wato layin waya. Ɓarawo zai zare sim ya sa a wata ƙaramar waya, daga nan duk saƙon lambar tabbatarwa da banki zai turo hannunsa zai shiga, kuma da shi zai iya ƙoƙarin karɓe WhatsApp ɗinta ya riƙa roƙon kuɗi a wajen 'yan uwa. A inda ake hada-hadar banki ta danna lambobi a kan layi, kamar Najeriya, wannan ƙofa ce babba. Maganinta sa wa sim ɗin lambar sirrinsa ta daban, wadda ke toshe shi bayan kuskure uku, da kuma kiran banki da kamfanin layi a rufe tun a sa'ar farko. Haka ma memorin da ake sakawa daga waje: a wayoyi da yawa ba a kulle yake ba, ana cirewa ake ganin hotunan.

Sauran abubuwan da tsarin ba ya tarewa duk hanyarsu ɗaya, suna shigowa ne lokacin da na'urar take a buɗe. Muguwar manhajar da ka sauke da hannunka tana ganin abin da ka ba ta izinin gani. Shafin bogi da ya yaudare ka ka rubuta kalmar sirri ya riga ya samu. Manhajar da ke kama fayiloli ta nemi kuɗin fansa tana aikinta a kwamfuta mai BitLocker kamar yadda take yi a wadda ba ta da shi. Sannan kwafin hotuna da saƙonnin da wayarka ke turawa asusun Google ko iCloud ya riga ya bar ma'ajiyar wayar, tsaronsa ya rataya ne a kan kalmar sirrin asusun. Mai gyara ma, idan ka miƙa masa waya haɗe da lambarta, amana ce kawai ta rage a tsakaninku.

Wani haɗarin kuma daga kullen kansa yake zuwa, domin bai san mai gida ba, makulli kawai ya sani. BitLocker yana da makullin ceto mai lambobi 48. Idan aka canza wani sashe na cikin kwamfutar, ko aka taɓa saitinta na tushe, tana iya tashi da shuɗin allo ta nemi waɗannan lambobi. Sabbin kwamfutocin Windows da yawa suna kunna kullen da kansu su ajiye makullin a asusun Microsoft na wanda ya fara saita su. Idan a shago aka saita maka da wani asusun da ba naka ba, ranar da allon nan ya fito ba ka da mafita, kuma babu mai gyaran da zai dawo maka da fayilolin.

Dubawa ba ta da wuya. A Windows, buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta:

```
manage-bde -status
```

Idan ka ga Protection On, kullen yana aiki. Daga nan ka nemo makullin ceto, ka rubuta shi a takarda ka adana nesa da jakar kwamfutar. Idan za ka yi tafiya, ka kashe laftof gaba ɗaya maimakon rufe murfi kawai, domin kwamfutar da ke barci tana riƙe da makullinta a ƙwaƙwalwa.

Kullen bayanai maganin abu ɗaya ne: na'urar da ta ɓata, ko aka sace, ko aka sayar, alhali tana rufe. A wannan fagen babu abin da ya kai shi, kuma bai kamata waya ko kwamfutar kowa ta kwana babu shi ba. Abin da ya rage a wuyanka yake, mai karatu: ka tsawaita lambarka zuwa shida ko fiye, ka kare allo da hannu idan za ka danna ta cikin jama'a, ka sa wayar ta riƙa kulle kanta da wuri, ka kuma sa wa sim ɗinka lamba yau, kada ka jira sai an fizge.