“Turo min lokeshan”: Yadda ake tarbar baƙo a Kejetia ba tare da an wuni ana neman juna ba

A zangunanmu na Kumasi, tun zamanin fataucin goro, baƙo ba ya sauka sai da mai masauki. Shi ke tarbarsa, ya ajiye masa kaya, ya nuna masa wanda zai saya wurinsa da wanda zai guje wa. Aikin bai canza ba, abin da ya canza shi ne girman gari. Sabon ginin kasuwar Kejetia kaɗai yana da shaguna sama da 8,000, hawa a kan hawa, ga tashar motoci a ƙarƙashi. Yaron da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram, ba Twi ba Turanci, in ka ce masa “tsaya a bakin ƙofa ina zuwa”, wace ƙofar? Shi ya sa yanzu kowa ke cewa “turo min lokeshan”. Sai dai da yawa daga cikinmu suna turawa ne kawai, ba su san lokeshan iri biyu ne ba, kuma a nan yawancin wahalar take.

In ka buɗe hirarka da mutum a WhatsApp, ka taɓa alamar maƙala takarda da ke kusa da wurin rubutu (a iPhone alamar + ce), ka zaɓi Location, taswira za ta fito da zaɓi biyu. Ɗaya shi ne Send your current location. Wannan kamar kafa turke ne: wayar za ta tura inda kake a daidai wannan lokacin, shi ke nan. In ka matsa, turken yana nan inda ka bar shi. Ɗayan shi ne Share live location, wanda WhatsApp ya fito da shi a 2017. Wannan yana binka duk inda ka yi, wanda ka tura wa yana ganin hotonka yana motsi a taswira. Za a tambaye ka tsawon lokaci: minti 15, awa 1, ko awa 8. In lokacin ya cika ya tsaya da kansa. Masu waya da Faransanci, jerin iri ɗaya ne, wanda ya tambaye ka tsawon lokaci shi ne mai motsi.

Turke na mai shago ne, mutumin da ba zai motsa ba. Mai motsi na matafiyi ne. Baƙon da ya tura turke daga cikin mota yana shigowa gari, sannan motar ta ƙara gaba kilomita biyu kafin ta sauke shi, ya aika mai masaukinsa wurin da babu kowa. Kuma ni dai shawarata, a manta da minti 15 ɗin nan in batun tarba ne. Cunkoson da ke tsakanin Aboabo da Kejetia kaɗai yakan cinye shi, ka iso ka tarar hoton ya daskare. Awa ɗaya ga wanda ya riga ya shigo gari, awa takwas ga wanda yake hanya.

Ga yadda muka yi da ɗan ƙanwata da ya zo karon farko daga Maraɗi ta hanyar Tamale. Tun yana Tamale na sa ya sami data a layin da ke aiki a Ghana, don nan ne abin ke fara lalacewa. Wayar tana gane inda take daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke can sama da nisan kusan kilomita 20,000, kuma wannan ba ya cin data ko kaɗan. Amma isar da labarin zuwa wayata sai da data. Saboda haka yaro yana iya ganin kansa sarai a taswirarsa, ya ɗauka ni ma ina gani, alhali tun iyaka layinsa na gida ya daina aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ka sa sabon layi, WhatsApp ɗinka yana ci gaba da tsohuwar lambarka, ba sai ka sake rajista ba. Kada ka goge shi, kada ka canza lamba, bar shi yadda yake.

Da suka kai Techiman ya tura mai awa takwas. Na ci gaba da harkata a shago, ina leƙawa jifa-jifa. Da na ga hoton ya shigo Suame sai na tashi. Wannan shi ne amfanin abin na gaske: ba ka zaman awa uku a tasha, ba ka kiran yaro sau goma kana tambayar “kun kai ina?” shi kuma yana cewa “ga wani gidan mai nan”.

Matsalar ta fara ne bayan ya sauka. Yaro ya ga ginin kasuwa, ya shige neman inuwa. Na kira shi.

“Kawu, ga ni nan daidai inda alamar take, ban motsa ba.”

“Ɗana, ɗaga kanka. Sama kake gani ko rufi?”

“Rufi ne, Kawu.”

“To fito waje inda za ka ga sama, ka tsaya minti ɗaya.”

Dalili shi ne wayar tana buƙatar jin aƙalla taurari huɗu kafin ta yi lissafi mai kyau, kuma saƙonsu mai rauni ne, kwano da kankare suna tare shi. A fili, kuskuren bai cika wuce mita biyar zuwa goma ba. A ƙarƙashin rufi sai wayar ta koma kintace da turakun sadarwa da na'urorin intanet na shagunan kusa, kuskuren ya kai mita hamsin, ɗari, wani lokaci fiye. Ana iya ganin wannan da ido. A ƙarƙashin Send your current location akwai ɗan rubutu, Accurate to, da adadin mitoci a gabansa, a taswira kuma da'ira mai haske tana kewaye shuɗin ɗigon. Faɗin da'irar shi ne girman shakkar wayar. A ce ta rubuta mita 60. Mita 60 ne ta kowane ɓangare, wato 120 daga gefe zuwa gefe. In kowane shago faɗin mita 3 ne, shaguna 40 ke nan a layi ɗaya, ga layuka da yawa. Sannan taswira shimfiɗe take, ba ta san hawa ba. Kana iya tsayawa daidai kan hoton mutum, shi yana samanka ko ƙarƙashinka. Wanda duk zai tura turke, ya jira lambar nan ta sauko ƙasa da 20 kafin ya danna. Ba ya wuce daƙiƙa talatin ko minti ɗaya a fili, amma mu 'yan kasuwa gaggawa gare mu.

Abu na biyu da nake dubawa kafin na yarda da hoton shi ne lokacinsa. In ka taɓa View live location, ƙarƙashin sunan mutumin ana nuna yaushe aka sabunta. In ya ce minti biyar da suka wuce, to labarin minti biyar da suka wuce kake kallo. Mai tafiya a ƙafa yana cin kamar mita 80 a minti, ya yi mita 400 ke nan, ya bar Kejetia ya doshi Adum kai kana nemansa a baya. Hoton yakan daskare saboda data ta ƙare, ko sabis ya yanke, ko kuma wayar da kanta ta kwantar da WhatsApp. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa bayan doguwar tafiya: batir ya yi ƙasa, tsarin tattalin caji ya kunna kansa, yaro ya jefa wayar a aljihu, sai ta daina turawa. Maganinsa a kashe Battery saver, a bar WhatsApp a buɗe a hannu har a haɗu. Lokeshan mai motsi yana shan caji, don haka matafiyi ya tanadi abin caji na aljihu. Akwai kuma wani maɓalli a sababbin wayoyin Android, cikin izinin da aka ba WhatsApp, mai suna Use precise location. In a kashe yake, unguwa kawai wayar za ta nuna, ko da a tsakiyar fili kake.

Da yaron ya fito, da'irar ta tsuke, lokacin ya koma na yanzu. Ni ma na tura masa nawa na awa ɗaya, hotunanmu biyu suka fito a taswira guda. Amma na ce masa kada ya taho. In mutum biyu suna bin juna a taswirar da kowanne ke ganin inda ɗan'uwansa yake ɗazu, sai su yi ta saɓani. Baƙo ya tsaya, ɗan gari ya yi tafiya. Da na rage kamar mita talatin na mayar da wayar kunne, don daga nan taswira ta gama nata. Na ce ya ɗauki hoton allon da ke gabansa ya turo, ya faɗa min launin rigarsa, ya ɗaga hannu. Daga saukarsa zuwa haɗuwarmu bai kai minti ashirin ba.

Wannan tsakanin dangi ne. In kuwa wanda za ka haɗu da shi ba ka taɓa ganinsa ba, dillali ne ko mai kaya da kuka yi ciniki ta waya, lissafin ya bambanta. Turke ba shaida ba ne cewa mutum yana wurin, don a wannan shafin na Location akwai jerin wurare da wurin bincike, kowa na iya zaɓar kowane wuri ya tura. Sai ka buɗe turken tun kana gida, ka nuna wa ɗan gari ya faɗa maka wace unguwa ce. In ya faɗa lungu ko bayan gari, ka ce a haɗu wurin jama'a, kamar bakin Babban Masallacin Kumasi bayan azahar. Kuma mai ɗauke da kuɗin kaya ba ya ba baƙon mutum mai awa takwas, don zai ga bankin da ka shiga, ya ga inda ka kwana. Wannan na uwargida ne ko babban ɗanka ko mai masaukinka, su san inda ka nufa. A kula da guruf ma: in ka tura a guruf ɗin 'yan kasuwa, duk wanda ke ciki yana ganinka, har waɗanda ba ka san da su ba.

In an haɗu, a koma hirar a danna Stop sharing, kada a jira lokaci ya cika. Wanda bai tabbata ko ya bar wani a buɗe ba, ya shiga Settings, ya taɓa Privacy, sannan Live location. Duk hirar da har yanzu ake ganinsa a cikinta za ta fito a jere, ya rufe su ɗaya bayan ɗaya.