Baiti Biyu da Adireshin Shago: Yadda Matashin Marubuci Ke Tallar Diwaninsa

Wanda ya buga diwanin waƙoƙinsa da kuɗin aljihunsa ba shi da kamfanin da zai yi masa talla. A ce matashiya ce a Kano, ta karɓi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, maɗaba'a ta miƙo mata kwafi 200 a kwali, ta ware uku da doka ta ce a kai wa laburaren. Sauran suna jibge a ɗaki, kuma sanarwar da za ta fitar ce kaɗai za ta raba ta da su.

Aikin yana wajen zaɓen ɗanɗanon da za a ba mai karatu. Da yawa sukan ɗauko baitocin farko, alhali rubutacciyar waƙar Hausa ta saba buɗewa da ambaton Allah da salati ga Annabi. Mabuɗi ne mai albarka, amma kusan kowane sha'iri da shi yake farawa, don haka ba ya nuna muryar wannan marubuciya. Gara ta shiga tsakiyar waƙa, inda jigo ya nuna, ta ciro baitin da zai tsaya da ƙafarsa ba sai an yi masa sharhi ba. In waƙar ƙwar biyar ce, baiti ɗaya ya yi kaɗan: ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo, na biyar ne ke ɗauke da babba, kuma kunne ba zai kama babban ba sai ya ji ya dawo a baiti na gaba. Biyu ko uku sun wadatar. Waƙa sukutum kuwa, a ganina, kyauta ce aka yi.

Sai a kula da allon waya, mai karya dogon ɗango gida biyu har kari ya ɓace wa ido. Wasu haruffan zane kuma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga akwati a gurbinsu. Hoton shafin littafin yana maganin duka biyun, in kuma ta rera baitin da muryarta, ya fi.

Wajen saye ne ake yawan sakaci, a rubuta "mai so ya tuntuɓe ni" a wuce. Mai saye yana son farashi ƙarara, da sunan shago da layin da yake, ko a Sabon Gari ne ko a bakin jami'a. Na Sakkwato yana son sanin ko za a ba direba a tasha, da wanda zai biya kuɗin aike. Na Maraɗi ko Damagaram da sefa yake ciniki, sai a faɗa masa farashin da kuɗinsa da wanda ke riƙe da kwafi a garin.

Kada kuma sanarwa ta riga littafi fitowa. Maɗaba'a kan ce "gobe" ta kai mako biyu, mutane kuwa sun riga sun turo kuɗi suna ta kira.