Hirar Gajimare da Hirar Sirri a Telegram: Wace Ke Dawowa In Waya Ta Ɓata?

Da yawa daga cikin masu amfani da Telegram daga WhatsApp suka fito, kuma da tunanin WhatsApp suke kallonsa. Sun saba cewa hira tana zaune a cikin waya, in ana son a tsira da ita sai an kwafe ta zuwa Google Drive. Telegram, wanda 'yan'uwa biyu, Pavel da Nikolai Durov, suka ƙaddamar a shekarar 2013, ba haka aka gina shi ba. Hira iri biyu gare shi, kuma kowace da inda take kwana. Wanda bai san wannan ba, ranar da wayarsa ta faɗa ruwa ko aka zare ta daga aljihunsa ne zai gane bambancin, lokacin da sanin ba zai amfane shi ba.

Ta farko ita ce hirar gajimare. Ita ce kake shiga duk lokacin da ka danna sunan mutum ka fara rubutu ba tare da ka zaɓi wani abu ba. Duk wani zaure da duk wata tasha a Telegram irinta ce. Saƙonka yana barin wayarka a kulle, ya isa manyan kwamfutocin kamfanin, a can a ajiye shi, sannan a miƙa wa wanda ka aika wa. Asalin hirar tana can wurin kamfanin. Abin da ke cikin wayarka kwafi ne kawai da manhajar ta sauko da shi. Shi ya sa za ka iya fara rubutu a waya ka ƙarasa a kwamfuta, kuma shi ya sa goge tarkacen hotuna don samun fili a waya ba ya salwantar da su: in ka koma ka danna hoton, sai ya sake saukowa.

Amma mabuɗin wannan kulle yana hannun kamfanin. Telegram ya ce yana rarraba mabuɗan a cibiyoyinsa da ke ƙasashe daban-daban, don kada wata gwamnati ko wani ma'aikaci ya iya buɗe hirar shi kaɗai. Wannan alƙawari ne na kamfani, kuma yarda da shi amana ce. A fasahance dai, abin da zai iya dawo maka da hirarka a sabuwar waya zai iya buɗe ta.

Ta biyu ita ce hirar sirri. Ba a shigarta da kuskure. Sai ka buɗe shafin bayanan mutum, ka nemi “Start Secret Chat”, sannan ka jira shi ma ya hau intanet. A wannan ɗan lokaci wayoyin biyu suke haɗa mabuɗi guda a tsakaninsu, ta hanyar wani lissafi da ake kira Diffie-Hellman, wanda ke ba su damar cimma mabuɗi ɗaya ba tare da mabuɗin kansa ya bi ta hanya ba. Kwamfutocin Telegram suna wucewa da saƙon ne a kulle, ba su da abin buɗe shi, kuma ba sa riƙe tarihin hirar. Mabuɗin ma ba ya daɗewa: ana sauya shi bayan saƙonni 100 ko bayan mako guda, a lalata tsohon. Ana gane irin wannan hira da ɗan kwaɗo kusa da sunan mutum, sunan kuma ya koma kore.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, hirar sirri tsakanin wayoyi biyu take, ba tsakanin asusu biyu ba. In kana da waya biyu, wadda ka fara hirar a kanta ce kaɗai za ta gan ta. Ba a yinta a zaure. Ba ta fitowa a Telegram Desktop na Windows, ba ta fitowa a shafin intanet na Telegram. Hirar gajimare kamar kuɗi ne a banki, ko katinka ya ɓata suna nan. Hirar sirri kuwa kuɗi ne a aljihu, inda rigar ta tafi can suka tafi.

A ɗauka wata mai sayar da atamfa ce aka sace wa waya. Tana da zauren kwastomomi a Telegram, tana da hira da mai kawo mata kaya inda hotunan rasit suke, sannan akwai hirar sirri guda da ƙanwarta, inda suke lissafin adashe. Ta sayi sabuwar waya. Matakin farko ba a Telegram yake ba, a ofishin kamfanin layinta yake: sai ta yi welkam bak ta dawo da lambarta, domin da lambar waya ake shiga asusu. Da ta sa lambar a manhajar, Telegram zai aiko da lambobin shiga. Ya fi son ya tura su cikin manhajar kanta, a wata na'ura da asusun yake buɗe, don haka in tana da Telegram a kwamfutar shago aiki ya yi sauƙi. In babu, sai ta bi ta saƙon tes. Da ta shiga, zauren kwastomomi zai dawo, hirar mai kawo kaya za ta dawo har da rasit ɗin shekarun baya. Ba ta taɓa adana komai da hannunta ba, kuma ba ta buƙaci hakan ba.

Hirar adashe kuwa ba za ta bayyana ba. Ba ɓuya ta yi a wani lungu na manhajar ba, kuma rubuta wa Telegram ba zai fito da ita ba, don ba su da ita. Mafita ɗaya ce: wayar ƙanwar. Kwafinta yana can, matuƙar ba ta goge ba kuma ba su sa agogon da ke cinye saƙo bayan an karanta ba. Ko shi ma ba a iya tura shi kai tsaye, domin hirar sirri ba ta yarda a tura saƙonta zuwa wata hira. Sai dai ƙanwar ta karanta ta sake rubutawa. A wayoyin Android ma manhajar tana hana ɗaukar hoton fuskar waya a irin wannan hira.

Saura aiki ɗaya, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Tsohuwar wayar tana hannun ɓarawo, kuma asusun yana buɗe a kanta. Sai ta shiga “Settings”, ta zaɓi “Devices”, ta kori tsohuwar wayar. Telegram yakan hana sabuwar na'ura korar tsofaffi har sai ta yi kusan awa 24, don kada wanda ya saci asusu ya kori mai shi nan take. Korar tana rufe wa ɓarawo ƙofa, tana kuma kawo ƙarshen hirar sirrin da ke kan waccan wayar. Ko da daga baya an tsinci wayar an dawo da ita, hirar ta tafi. Haka abin yake ga wanda ya danna “Log Out” da hannunsa, ko ya cire manhajar ya sake sakawa, ko ya kai wayarsa wurin mai gyara aka wanke ta.

Daga nan wasu kan ɗauka cewa hirar gajimare ba ta da mutuwa, kuma wannan zato yana da haɗari. Gajimaren yana tsare ka daga ɓatan waya ne kawai. Ba ya tsare ka daga gogewa. Tun watan Maris na 2019, a hira tsakanin mutum biyu kowannensu yana iya goge kowane saƙo daga ɓangarorin biyu, nasa da na abokin hirarsa, komai daɗewarsa, kuma ba a barin alamar cewa an goge wani abu. Babu kwandon shara da za a leƙa. In hira ce gaba ɗaya ka goge, manhajar tana ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka danna “Undo”, shi ke nan. Don haka mai kawo kayan nan, in rigima ta haɗa su, yana iya share alƙawarin farashin da ya yi daga wayarsa da tata a lokaci guda. A zaure akwai ɗan sassauci: shugabannin babban zaure suna ganin saƙonnin da aka goge a “Recent Actions”, amma na awa 48 kawai.

Asusun kansa ma yana iya tafiya. Wanda ya daina hawa na tsawon lokaci, Telegram yana share asusunsa da duk hirarsa; ana zaɓar tsawon wa'adin a cikin “Privacy and Security”. Sai kuma batun layi, wanda ya shafi mutanenmu sosai. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Wanda ya yar da tsohon layi bai sauya lambarsa a Telegram ta “Change Number” ba, sabon mai layin zai iya karɓar lambobin shiga ya tarar da hirar gajimare a buɗe gabansa. Hirar sirri ce kaɗai ba zai gani ba.

Maganin wannan shi ne “Two-Step Verification”, wato kalmar sirri da ake tambaya bayan lambobin shiga. Ina ganin babu mai hujjar barinta a kashe. Amma a haɗa ta da adireshin imel da ake iya buɗewa. Wanda ya manta kalmar kuma yana da imel, za a aiko masa da hanyar sauya ta. Wanda babu imel amma asusun yana buɗe a wata na'urarsa, zai iya neman a cire kalmar ya jira kwana 7. Wanda ba shi da ko ɗaya, abin da ya rage masa shi ne share asusun ya fara sabo da lambar. Duk hirarsa ta gajimare za ta tafi daga ɓangarensa, ko da yake abokan hirarsa suna nan da nasu kwafin, kuma suna iya turo masa abin da yake buƙata.

Wanda ke da hirar da ba ya so ta dogara ga kowa, ya sauke ta zuwa kwamfuta. A Telegram Desktop ana bi ta “Settings”, sai “Advanced”, sai “Export Telegram data”, a zaɓi hirar da ake so da nau'in fayil, HTML don karantawa ko JSON. Wannan kwafi ba ya goguwa don wani ya goge nasa. Iyakarsa biyu ce: ba a mayar da shi ya zama hira kamar da, karantawa kawai ake yi, kuma hirar sirri ba ta cikinsa.

Akwai masu tallata cewa suna dawo da hirar sirri ko saƙonnin da aka goge in an biya su. Abin da suke fara tambaya shi ne lambobin shiga da aka turo maka. Waɗannan lambobin ba sa dawo da komai daga hirar sirri, domin mabuɗinta ya tafi tare da tsohuwar waya. Abin da suke buɗewa shi ne asusunka, da duk hirar gajimaren da ke cikinsa, da sunayen mutanen da za a bi a nemi kuɗi a wurinsu da sunanka.