Hoton da Ya Sha Yawo a Waya: Yadda Ake Rage Masa Dabbare

Kusan duk mai shagon wanke hoto ya san irin wannan baƙon. Saurayi ne ya shigo da waya a hannu, yana so a buga masa hoton mahaifinsa marigayi a saka a firam. Hoton ya fito ne daga wayar wata gwaggo, ya bi ta zauren WhatsApp na dangi, wani ƙane ya yanke gefensa, wani ya ɗauke shi da sikirinshot, aka sake turawa. A fuskar waya ba laifi. Da aka buɗe shi a kwamfuta aka ƙara girmansa, sai ga kumatun dattijon sun rabu gida-gida kamar allon dara, aikin hularsa ya cuɗe, launin babbar rigarsa ya tsallaka kan bango.

Kafin a taɓa gyara, sai an san abin da ya jawo haka. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da abin da ido bai cika lura da shi ba. Yana yanyanka hoton zuwa ƙananan gidaje, kowanne ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. A cikin kowane gida yana auna sauye-sauyen haske, daga manya masu tafiya a hankali zuwa ƙanana masu kaifi irin zaren hula ko gashin gira, sannan ya taƙaita alƙaluman ya watsar da ƙananan. Da yake kowane gida shi kaɗai ake yi wa wannan lissafi, ba ruwansa da maƙwabcinsa, idan matsin ya yi yawa sai bakinsu ya daina haɗuwa. Layukan da ake gani ke nan. Launi kuwa ya fi shan wuya, domin galibi ana rage shi zuwa rabi a tsaye da kwance tun kafin a fara, shi ya sa dabbaren launi kan kai ɗigo 16.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka buɗe hoto aka sake ajiye shi da ma'aunin inganci iri ɗaya, ba tare da an canza komai ba, ɓarnar ba ta cika ƙaruwa sosai ba, takan lafa bayan 'yan zagaye. Abin da ke kashe hoto shi ne yankewa, rage girma, ko sikirinshot tsakanin ajiya da ajiya. Kowanne yana gusar da layukan gidajen daga inda suke, sai sabuwar ajiya ta ɗauki tsohon dabbare a matsayin wani ɓangare na hoton, ta ɗora nata a kai. Hoton dattijon nan yana ɗauke da tabon hannu uku ko huɗu, kowanne a gurbinsa daban.

Saboda haka gwanin gyara yakan fara da tambaya: "Ƙanena, wa ya ɗauki hoton nan tun farko?" Idan gwaggo tana da na asali, ta turo shi ta hanyar Document a WhatsApp, wadda ba ta matse hoto, an huta da rabin aikin. Abin da JPEG ya zubar ba ya cikin fayil ɗin kuma, babu manhajar da za ta tono shi. Gyara ɓoye tabo ne da cike gurbi da kintace mai kyau.

Idan ba a samu na asali ba, matakin farko shi ne a daina ajiye shi a JPEG. A yi kwafi a PNG ko TIFF, waɗanda ba sa zubar da komai, a yi aiki a kansa. Kuma kada a ƙara masa girma ko a yanke shi tukuna. Kayan goge dabbare suna neman layukan ne a kowane ɗigo 8, idan aka miƙe hoton kafin gyara sun ɓace musu. Mai amfani da manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, yana iya share layukan ajiyar ƙarshe da umarni ɗaya:

```
ffmpeg -i hoto.jpg -vf deblock=filter=strong:block=8 gyara.png
```

Wannan zai lallashe bakin gidajen da ke kan layin yanzu. Tsofaffin tabon da suka gusa ba zai gan su ba, su sai da hannu.

A nan ne dabara mafi riba take, wato raba launi da haske. A Photoshop ana juya hoton zuwa Lab Color, a GIMP kuma ana bi ta Colors, Components, Decompose a zaɓi LAB. Hoton zai rabu gida uku: L mai ɗauke da haske da duhu, sai a da b masu ɗauke da launi. Wanda ya leƙa a da b na hoton da ya sha yawo zai yi mamakin munin abin da zai gani, manyan faci-faci kamar tsohuwar tabarma da aka yi wa ɗinki. Sai a shafa musu Gaussian Blur na ɗigo 2 zuwa 4, a bar L yadda yake. Idon ɗan Adam ya fi kula da kaifin haske a kan kaifin launi, don haka jajayen da korayen tabon fata za su baje ba tare da hoton ya dushe ba. Alamar an wuce gona da iri ita ce a ga shuɗin rigar ya fara malala kan wuya.

L kuwa sai da lallami, domin a nan kamannin mutum suke. Photoshop yana da Reduce Noise, da ɗan akwatin Remove JPEG Artifact a ciki. GIMP yana da Selective Gaussian Blur, wanda ke sulɓe wuri mai laushi ya ƙyale gefuna masu kaifi. Ko wanne aka ɗauka, a yi shi a kan shimfiɗa ta biyu, sannan a goge tasirinsa daga idanu, leɓe, gemu da aikin hula, a bar shi ya yi ƙarfi a bango da goshi. Kuskuren da ya fi yawa a shaguna shi ne a murɗa shi har ƙarshe a kan hoton gaba ɗaya. Dabbare zai tafi, amma fuskar dattijo za ta koma kamar ta 'yar tsana, babu tamoji ko ɗaya, kuma iyalansa ba za su ga mahaifinsu a ciki ba. Ɗan dabbare a gefen gemu ya fi wannan sau goma.

Bayan sulɓewa, wuraren da aka gyara kan yi santsi fiye da sauran, wani lokaci bango ya fito zobe-zobe. Maganinsa a yayyafa ɗan tsaki da Add Noise, kashi 1 ko 2 cikin ɗari, maras launi, domin fata ta dawo da kamar fata. Ƙara kaifi kuma, in ma za a yi, shi ne na ƙarshe kuma kaɗan, domin yana tayar da duk tabon da aka kwantar.

Saura maganar girman bugu, inda ake yawan samun saɓani da mai hoto. A ce hoton dattijon ɗigo 1280 ne a tsawo. Idan aka buga shi a firam mai inci 12, kowane gida na ɗigo 8 zai kai kusan milimita 2 a takarda, wanda ido zai gani daga nesa da hannu. Idan aka buga shi a inci 6, gidan bai kai milimita 1 ba, ragowar tabon ya kusa ɓacewa. Mai shagon da ya san aikinsa zai buga gwaji ƙarami daga fayil ɗin PNG, ya miƙa wa saurayin ya riƙe a hasken ƙofa, sannan ya ba shi shawarar firam mai inci 6 da faffaɗan farin gefe, tare da kwafin da aka gyara a filashi, domin kada ya sake bi ta zauren dangi kafin bugu na gaba.