Lamirin da ke komawa baya: yadda «allazi» ke riƙe jimlarsa a Larabci

Ɗalibin Larabci yakan haddace allazi, allati, allazina tun yana ƙarami, amma in aka ce ya rubuta "garin da na je yana da nisa", sai ka ga ya rubuta almadinatul lati zahabtu ba'idatun. Duk kalmomin daidai suke, jimlar ce ta gurgunce. Abin da ya ɓace ƙaramin lamiri ne: kamata ya yi a ce almadinatul lati zahabtu ilaiha. Wannan "ha" ta ƙarshe ita malaman nahawu ke kira a'idi, kuma a ganina nan ne babin ismul mausuli ya fi bukatar a zauna a kansa, domin jerin sunayen kansu ba su da wahalar hadda.

Ginin yana da sassa uku. Akwai mausuli, wato allazi da 'yan'uwansa. Akwai sila, jimlar da ke biye da shi tana bayyana wanda ake nufi, kuma dole ta zama jimlar ba da labari, ba umarni ko tambaya ba. Sai a'idi, lamirin da ke cikin silar yana komawa ga mausulin. Allazi yana nuna jinsi da adadi ne kawai: namiji ne, guda ɗaya. Bai gaya maka ko mutumin shi ya yi aikin da ke cikin silar, ko shi aka yi wa, ko kayansa ake magana a kai ba. A'idi ne ke ɗauke da wannan bayani.

Mu ɗauki ɗan kasuwa guda mu juya shi. In shi ne ya sayar da hatsi, sai a ce attajirul lazi ba'az zurata. A nan ba ka ga lamiri a fili ba, amma yana nan ɓoye cikin fi'ilin ba'a, takadirinsa huwa. In ganinsa na yi a kasuwa: attajirul lazi ra'aituhu fis suƙi, lamirin ya fito ya manne da fi'ili a matsayin maf'uli. In daga wurinsa na yi sayayya: attajirul lazi ishtaraitu minhu, lamirin ya koma bayan harafi. In kuma shagonsa ne ya ƙone: attajirul lazi ihtaraƙa dukkanuhu, lamirin ya rataya a jikin sunan shagon. Sau huɗu allazi bai motsa ba, lamirin ne ke canja mazauni, kuma da mazauninsa kake gane labarin.

Mai jin Hausa ba baƙo ba ne a wannan tsari. Muna cewa "yaron da na ga babansa", "wuƙar da na yanka nama da ita". Wannan "sa" da "ita" aikin a'idi suke yi tsaf. Matsalar tana zuwa ne a wuraren da Hausa ta yarda a yi shiru amma Larabci bai yarda ba. Mukan ce "garin da na je", "ranar da na iso", "ɗakin da na kwana a ciki", babu lamiri ko ɗaya, kunne kuma bai ji giɓi ba. Larabci yana son ilaiha a ta farko, yana son alyaumul lazi wasaltu fihi a ta biyu, algurfatul lati nimtu fiha a ta uku. Harafin jarra ba ya tsayawa tsirara a ƙarshen jimla, kuma ba a jefar da shi tare da lamirinsa haka kawai.

To yaushe aka halatta share a'idin? Alfiyyar Ibnu Malik, malamin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1274, da sharhin Ibnu Aƙil da ake karantawa a zaurukanmu, sun warware wannan dalla-dalla. Wanda ya fi yawa a magana shi ne lamirin maf'uli da ke manne da cikakken fi'ili. Kana iya cewa alkitabul lazi ƙara'tuhu, kana iya cewa alkitabul lazi ƙara'tu, duka fasaha ne, domin fi'ilin karantawa yana neman abin karantawa, mai sauraro kuwa zai cike gurbin da kansa. Amma da sharaɗi: kada abin da ya rage bayan sharewar ya isa ya zama sila mai zaman kanta. Dubi arrajulul lazi akramtuhu fi baitihi, mutumin da na karrama shi a gidansa. In ka cire "hu" na farko, saura arrajulul lazi akramtu fi baitihi, jimla lafiyayya mai a'idinta a jikin baitihi, sai dai yanzu ba a san wa aka karrama ba. Mai yiwuwa wani baƙo ne daban na karrama a gidan mutumin. Saboda haka a nan sharewa ba ta halatta.

Lamirin da ke bayan harafi ya fi tsanani. Ana share shi ne idan irin harafin nan, da ma'anarsa, ya riga ya shiga kan mausulin, kuma fi'ilan biyu sun dace. Sallamtu alal lazi sallamta, na gai da wanda ka gai da, ya wadatar ba sai an ƙara alaihi ba, tunda "ala" ta riga ta bayyana. Dalilin tsananin zai fito fili da fi'ilin ragiba. Ragiba fi yana nufin ya yi sha'awar abu, ragiba an yana nufin ya ƙi shi. Don haka albaitul lazi ragibtu fihi gidan da nake so ne, albaitul lazi ragibtu anhu gidan da na juya wa baya ne. Wanda ya rubuta albaitul lazi ragibtu ya tsaya, ya bar mai karatu tsakanin so da ƙi.

Sai dacewa. A'idi yana bin mausulinsa a jinsi da adadi, kuma a nan akwai wani ramin da Hausa ke jefa mu. Muna cewa "waɗanda" ga mutane da littattafai da shanu bai ɗaya. A Larabci jam'in abin da ba mai hankali ba ana ɗaukarsa kamar mace guda: alkutubul lati ishtaraituha, ba allazina ishtaraituhum ba. Allazina ta maza masu hankali ce. Mutum biyu kuma suna da nasu: allazani da allatani a rafa'a, allazaini da allataini a nasaba da jarra. Wannan i'irabi yana bin sunan da ya gabata ne, ba aikin da ke cikin silar ba: ra'aitul waladainil lazaini najaha, na ga yaran nan biyu da suka ci jarrabawa. Su ne suka ci, amma mausulin ya bi waladaini, alifin da ke ƙarshen najaha shi ne a'idi. A rubutu ma ana gane su: allazaini da lam biyu ake rubuta ta, allazina da lam ɗaya.

Man da ma, waɗanda ake yi wa kowane jinsi da adadi, suna da sassauci: ana cewa akrim man ja'a ko da mutane da yawa ake nufi, bisa lafazi, ana kuma cewa man ja'u bisa ma'ana.

Kuskure na ƙarshe ya fi kowanne yawa a takardun ɗalibai. Hausa tana cewa "na ga wani mutum wanda yake sayar da littattafai", sai ɗalibi ya rubuta ra'aitu rajulan allazi yabi'ul kutuba. Allazi ma'arifa ne, ba ya siffanta nakira. In sunan da ya gabata nakira ne, mausuli ba ya shiga: ra'aitu rajulan yabi'ul kutuba. Jimlar ta zama sifa kai tsaye. Lamirin dai yana nan, ɓoye a yabi'u, ko a fili kamar a zurtu madinatan ahluha kiramun, na ziyarci wani gari mai mutanen kirki. Shi ya sa in malami zai duba rubutun ɗalibi, tambaya biyu sun ishe shi a kowace irin wannan jimla: sunan nan ma'arifa ne ko nakira, kuma ina lamirin da ke komawa gare shi?